Hujin Kwali da Tsagewar Allo: Yadda Aka Tantance Hotunan Wata Talabijin da Ta Iso a Fashe

Wata mata ta sayi talabijin mai inci 55 ta intanet, kamfanin jigila ya kai mata ita gida ranar Talata da ƙarfe 2:10 na rana. Ba ta nan a lokacin, don haka ƙanenta ne ya karɓa ya sa hannu a takardar direba, bai rubuta komai a gefen sa hannun ba. Sai daren Laraba ta samu sukunin buɗe kwalin. Ta ɗaura wa talabijin ƙafafunta, ta ɗora ta kan tebur, ta kunna. Nan take ta ga wani baƙin tabo kamar an zubar da tawada a ɓangaren hagu na ƙasa, ga layuka masu launi sun miƙe daga wurin har saman allon. A daren ta shigar da ƙorafi wurin mai sayarwa, ta haɗa da hotuna uku, duka na tsagewar daga kusa. Amsar da ta dawo gajeriya ce: hotunan sun nuna allon ya fashe, amma ba su nuna cewa a fashe ya iso ba. An ba ta damar ƙaro hujja idan tana da ita.

Ranta ya ɓaci, kuma da dalilinta. Ta san ba ita ta fasa ba, ga ɓarnar ƙiri-ƙiri a hoto, me kuma ake nema? Da ta kawo mini wayarta, na tarar tana da hotuna tara, ƙanenta yana da ɗaya, daga baya muka ƙara ɗaukar uku. Aikin da muka yi shi ne jera su mu ga wanne ne ke da nauyi a idon wanda zai yanke hukunci, wanne ne kuma kawai yake tayar da hankalin mai kallo.

Kafin a taɓa hoto ko ɗaya, sai an fahimci halin da ma'aikacin da ke duba ƙorafi yake ciki. Bai san matar ba, bai ga kwalin ba, kuma ya sha ganin talabijin da yaro ya jefa da abin wasa aka ce daga kamfani ta zo haka. Fashewar allo ba ita ce damuwarsa ba, ya riga ya yarda da ita tun hoton farko. Abin da yake so ya sani shi ne ko wannan ita ce ainihin talabijin da suka aika, a hannun wa take lokacin da ta fashe, kuma me ya fasa ta. Akwai kuma wani dalilin da masu saye ba su cika lura da shi ba. Idan mai sayarwa ya mayar da kuɗi, shi ma zai juya ya nemi diyya daga kamfanin jigila ko kamfanin inshorarsa, kuma da hotunan mai saye zai je. Duk hoton da ba zai taimake shi a can ba, ba shi da daraja sosai a wurinsa, komai munin ɓarnar da ke ciki.

Hotuna ukun da ta fara aikawa

Biyu daga ciki an ɗauke su talabijin na kunne, kuma sun fito da kyau. Hakan daidai ne, domin irin wannan allon gilashinsa na ciki ne ke tsagewa, wani lokaci a shafa saman a ji shi sumul, sai an kunna ɓarnar take bayyana. Na ukun an ɗauke shi talabijin na kashe, da filasha, kuma hasken ya dawo ya yi farin dunƙule daidai inda ake son gani. Wannan mun ajiye shi gefe ba tare da wata doguwar magana ba.

Matsalar biyun masu kyau ita ce an matsa kusa har babu komai a hoton sai tsagewar. Babu gefen talabijin, babu tambarin kamfani, babu abin da zai nuna girman tabon ko a wane ɓangare yake. Da za a ce hoton wata talabijin ce daban aka samo a intanet, babu abin da ke cikinsa da zai ƙaryata. Ga su kuma kusan iri ɗaya, don haka aika biyu bai ƙara komai a kan aika ɗaya ba. Mutane da yawa suna zaton yawan hotuna yana ƙara ƙarfin ƙorafi, alhali hoto goma na abu guda amsa ɗaya ce aka maimaita sau goma.

Duk da haka ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wani abu mai amfani da ita kanta ba ta lura ba, wato siffar tsagewar. Idan aka faɗaɗa hoton, ana ganin wani ɗan wuri guda da tsagogi suka taso daga gare shi suka bazu ta kowace fuska. Irin wannan siffa alama ce ta duka a wuri ɗaya, wani abu mai kai ya bugi allon daga gaba. Tsagewar da ke faruwa idan mutum ya matse allo da yatsa wajen ɗagawa, ko ya lanƙwasa shi wajen fito da shi daga kwali, galibi daga baki take farawa, ta tafi a layi ɗaya ko biyu, ba ta da cibiya a tsakiyar gilashi. Wannan bambanci yana da muhimmanci domin zargin farko da ake yi wa mai saye shi ne ya fasa ta wajen ɗaura ƙafa. Siffar ba ta wanke ta gaba ɗaya ba, tunda duka yana iya faruwa a cikin gida, amma ta rage ƙarfin wannan zargin. Sai muka riƙe hoto ɗaya, wanda cibiyar ta fi fitowa a cikinsa.

Hoton da ta so ta ɓoye

A cikin taran akwai wanda ya ɗauko talabijin gaba ɗayanta a kan tebur, a kunne, da ƙafafunta a ɗaure. Ta ce kada a aika shi, domin zai nuna ta riga ta fito da ita ta yi ta juya ta. Na ba ta shawarar ta aika. Hotunan da ta tura tun farko sun riga sun nuna allon a kunne, kowa ya san sai an fito da talabijin ake kunna ta, saboda haka babu abin da ɓoyewar za ta rufe. Idan kuwa aka nemi cikakken hoto daga baya aka ga ƙafafu a ɗaure alhali ba ta faɗa ba, sauran maganganunta ma za su shiga shakku. Ban da haka, wannan hoton ne kaɗai yake nuna inda tabon yake a jikin allon, da cewa gefunan talabijin da kusurwoyinta lafiya lau suke. Talabijin da ta faɗo daga tebur yawanci tana barin alama a kusurwa ko a jikin robar da ke zagaye da allon, wannan kuwa babu. Hoton da take tsoro ya fi taimakonta fiye da cutar da ita, kuma ko da ba haka ba ne, gaskiyar yadda abin ya faru ita ce ake aikawa.

Batun lambar kaya bai ɗauke mu lokaci ba. Tana da hoton takardar da ke manne a bayan talabijin, wadda ke ɗauke da lambar da ta keɓanta da ita, amma an ɗauke shi a matse, takardar kawai ake gani. Muka sake ɗauka ta yadda kwalin ke jingine kusa da bayan talabijin, lambar da ke jikin kwali da wadda ke jikin talabijin suna karantuwa a hoto guda, kuma sun yi daidai da ta rasit. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne ɗan gajeren bidiyo da ba a yanke ba, a fara daga allon da ya fashe a zagaya zuwa lambar da ke baya, domin babu hoto ɗaya da zai iya ɗaukar gaba da baya lokaci guda. Ta yi na daƙiƙa ashirin ta ajiye ko za a nema.

Kwalin da saura kaɗan a zubar

Abin da ya juya lamarin yana jingine a bayan ɗaki. A faffaɗar fuskar kwalin, ɓangaren hagu na ƙasa, akwai huji da bai fi faɗin yatsu uku ba, kewaye da shi kwalin ya loɓa. Ta gan shi lokacin da take buɗewa amma ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, tunda kwali ba ya rasa ƙurjewa a hanya. Tana da hotonsa ɗaya, wanda ta ɗauka tsaye daga gaba a ƙarƙashin fitilar ɗaki, kuma a hoton hujin ya yi kama da ɗan datti kawai. Loɓawa ba ta fitowa idan haske ya faɗo mata kai tsaye. Sai an kawo hasken daga gefe, a kwantar da tocila kusan a jikin kwalin, inuwa ta cika ramin, sannan zurfinsa yake bayyana. Da muka yi haka, abin da ya yi kama da datti ya fito a matsayin huji mai zurfi da gefuna a murƙushe.

Muka leƙa cikin kwalin. Ɓawon takardar ya turo ciki, ba waje ba, wanda ke nuna abin da ya huda ya fito ne daga waje. Farin soson da ake tokare talabijin da shi yana sama da ƙasa da kusurwoyi ne kawai, tsakiyar allon babu abin da ya kare shi sai wata siririyar leda mai laushi, kuma ita ma ta yage a wuri guda. Sai muka ɗauko tef ɗin awo.

Faɗin kwalin santimita 137 ne, tsayinsa 85. Talabijin ɗin, ba tare da ƙafa ba, faɗinta 123, tsayinta 71. Bambancin ya zama 14 a kowane awo, wato kusan santimita 7 na soso a kowane gefe idan tana zaune a tsakiya. Hujin yana nisan santimita 38 daga gefen hagu na kwalin da 29 daga ƙasa. Idan aka cire 7 daga kowanne, ya kamata abin da ya huda ya sauka a nisan 31 daga gefen hagu na talabijin da 22 daga ƙasanta. Da muka auna cibiyar tsagewar a allon, muka same ta a 31 daga hagu da kusan 23 daga ƙasa. Saɓanin santimita ɗaya ba komai ba ne, domin soso yana matsuwa, kaya kuma suna ɗan motsi a cikin kwali. Mun rubuta 23 ɗin yadda muka same shi, ba mu gyara shi ya zama 22 don lissafi ya fito tsaf ba.

Akwai wurin da ake yawan ruɗewa a irin wannan awo. Dole ne a tabbatar da fuskar kwalin da allon yake kallo lokacin da yake ciki, kuma a tsaya ta wannan fuskar a auna duka biyun. Wanda ya auna kwali daga gaba ya auna talabijin daga baya zai ga hagu ta koma dama, ya yi zaton ba su dace ba. A nan siffar soson ce ta warware mana, domin an yi masa gurbi daidai da tudun bayan talabijin, hanya ɗaya kawai take shiga, kibiyoyin da ke jikin kwalin kuma sun nuna sama. Hoton da muka ɗauka ya haɗa kwalin da talabijin a jere, dukansu suna fuskantar kyamara, tef ɗin awo a miƙe a kan kowanne, lambobinsa suna karantuwa. An tsayar da wayar daidai saitin kayan, ba a karkace ba, saboda karkatar kyamara tana sa lambar tef ta zama kamar ta goce daga inda take.

Wannan hoton ya amsa tambayar abin da ya fasa allon, kuma ya amsa ta da kyau. Sai dai yana da rauni guda da duk mai duba ƙorafi zai gani nan take: an ɗauke shi kwanaki bayan isowar kaya. Kwalin ya kwana a gidan daga ranar Talata zuwa daren Laraba da talabijin a ciki. Wa zai ce ba a cikin gidan wani ya buge shi da ƙarfen gado ko hannun keke ba? Ga kuma sa hannun ƙanenta a takardar direba ba tare da wani ƙorafi ba, wanda kamfanin jigila zai ɗaga ya ce mun miƙa kaya lafiya. Har wannan mataki, hujjarta ta nuna yadda abin ya faru amma ba ta nuna a hannun wa ya faru ba.

Hoton bakin ƙofa

Na tambaye ta yadda aka yi ta san kayan sun iso ranar Talata. Ta ce ƙanenta ne ya turo mata hoto ta WhatsApp ya rubuta, «Yaya, kayanki sun iso.» Ba ta taɓa lissafa shi cikin hujjoji ba, domin a karkace yake, rabin hoton bango ne, kuma ba don shaida aka ɗauke shi ba. A cikinsa kwalin yana tsaye a bakin ƙofa, igiyoyin robar da aka ɗaure shi da su ba a yanke ba, a can gefe kuma ana hango bayan motar jigila. A ɓangaren hagu na ƙasa akwai wani duhu-duhu.

A wayarta duhun nan bai fito sosai ba, kuma dalilin sananne ne. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ta rage girmansa, tana kuma cire bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil ɗin, waɗanda ake kira EXIF. Bayanan sun haɗa da ranar ɗauka da lokaci da samfurin wayar, wani lokaci har da wurin da aka tsaya idan an kunna wannan damar. Hoton allon waya, wato screenshot, da mutum zai ɗauka na wani hoto shi ma haka yake, sabon fayil ne mai ɗauke da lokacin da aka ɗauki allon, ba lokacin asalin hoton ba. Don haka muka nemi ƙanen ya turo na asali daga ma'ajiyar hotunan wayarsa, ta imel, ko ta WhatsApp ɗin amma ta zaɓin Document, wanda ke aika fayil yadda yake. Allah ya sa bai goge ba, kuma da kyamarar wayar ya ɗauka kafin ya tura. Da ta cikin manhajar ya ɗauka kai tsaye, da mai yiwuwa matsattsen ne kawai za a samu.

Na asalin ya zo da girman 4000 a 3000. Da aka faɗaɗa, duhun ya zama huji mai murƙusassun gefuna, a daidai wurin da muka auna, kuma lambobin ƙarshe na takardar jigila da ke manne a saman kwalin suna karantuwa. Yawancin wayoyi suna nuna ranar ɗauka da lokaci idan aka buɗe bayanan hoto, amma a kwamfuta ana iya fito da su da wannan umarni:

```
exiftool -DateTimeOriginal -Make -Model IMG_2041.jpg
```

Layin DateTimeOriginal ya nuna ranar Talata, ƙarfe 2:12 na rana, minti biyu bayan lokacin da shafin bin sawun kaya na kamfanin jigila ya rubuta an miƙa.

Ba na son a ɗauki bayanan EXIF a matsayin abin da ba ya ƙarya. Agogon wayar ne yake rubuta lokacin, kuma wanda ya iya yana iya sauya shi da irin manhajar da muka karanta shi da ita. Masu duba ƙorafi sun san haka. Abin da ya ba wannan hoton nauyi shi ne abubuwa huɗu da ba daga hannu ɗaya suka fito ba sun haɗu a kan magana guda: lokacin da ke cikin fayil, lokacin da saƙon ya shiga wayarta wato 2:13, lokacin da kamfanin jigila da kansa ya rubuta, sai kuma abin da ido ke gani a hoton, igiyoyi a ɗaure da mota ba ta tashi ba. Ƙirƙirar ɗaya daga ciki abu ne mai sauƙi, amma daidaita huɗun ba ƙaramin aiki ba ne, musamman tunda ɗaya yana hannun kamfanin da ake ƙorafi a kansa.

A ganina wannan karkataccen hoton shi ne mafi ƙarfi a cikin goma sha ukun, duk da cewa ko talabijin ba a gani a cikinsa. Dalilina shi ne, duk sauran ana iya sake ɗaukarsu yau ko gobe muddin kayan suna nan. Tsagewar ba za ta gudu ba, lambar kaya tana nan, awon ma ana iya maimaita shi sau nawa aka ga dama. Halin da kwalin yake ciki a minti biyun farko bayan ya bar hannun direba kuwa ya wuce, kuma shi ne ainihin abin da ake jayayya a kai. Wanda ke biye masa shi ne hoton awo, domin in babu shi, hoton bakin ƙofa kwali mai huji kawai ya nuna, kuma kwali da yawa suna isowa da huji kayan ciki ba su ji komai ba. Kowanne a cikin biyun yana toshe gurbin da ɗayan ya bari. Hoton lambobi ya zo na uku, hoton tsagewar da ta fi dogara da shi ya zo can baya.

Abin da aka aika

Mun zaɓi hotuna shida muka jera su yadda abin ya faru: kwali a bakin ƙofa, hujin daga waje da hasken gefe, hujin daga ciki tare da ledar da ta yage da soson a mazauninsa, awon kwali da allo, talabijin gaba ɗaya a kunne, sai lambobi. Hoton tsagewar daga kusa yana wurinsu tun farko, sai kawai aka yi nuni da shi. Kowane hoto ya samu layi ɗaya na bayani, abin da ke ciki da ranar da aka ɗauka, kuma an faɗi a fili cewa na awo da na hasken gefe da na lambobi daga baya aka ɗauke su. Ta so ta zana jan da'ira a kan hujin da ke hoton bakin ƙofa don ya fito. Hakan ba laifi ba ne, amma a kan kwafi ake yi, a aika shi tare da na asalin da ba a taɓa ba. Yanke hoto, ƙara masa haske ko zane a kansa yana iya sauya bayanan fayil, kuma ko bai sauya ba, yana buɗe ƙofar tambayar me kuma aka gyara.

Hoton soson yana da wani amfani da ya wuce ƙorafinta. Sharuɗɗan inshorar kaya da aka fi amfani da su a cinikin ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira Institute Cargo Clauses, sun cire ɓarnar da ta samo asali daga rashin kyakkyawan shiri na kaya idan wanda ya sayi inshorar ne ko ma'aikatansa suka shirya su. Saboda haka kamfanin inshora yakan so ya ga yadda aka tokare kayan a ciki. Hoton da ya nuna soson masana'anta cikakke a mazauninsa yana taimaka wa mai sayarwa ya nuna ba shirin ne ya gaza ba, duka ne daga waje. Idan kuwa mutum ya buɗe kwali ya tarar babu abin tokare kirki, wannan ma ya ɗauka, domin laifin ya koma kan wanda ya shirya kayan, ba kan mai saye ba.

Sa hannun ƙanen bai ɓace ba, kuma ba mu yi kamar babu shi ba. A wasiƙar ta rubuta cewa ya karɓa bai lura da hujin ba, hoton da ya ɗauka a lokacin ya nuna yana nan. Da ya rubuta «kwali a huje» kusa da sa hannunsa, da rabin wannan aikin bai taso ba, domin dokokin jigila suna bambanta ɓarnar da ake gani daga waje da wadda ke ɓoye. A yarjejeniyar CMR ta 1956, wadda ta shafi ɗaukar kaya a mota tsakanin ƙasashe biyu muddin aƙalla ɗaya daga cikinsu ta shiga cikinta, ɓarnar da ke bayyane ana faɗinta ne lokacin karɓa, wadda ke ɓoye kuma a rubuce cikin kwana 7, ban da Lahadi da ranakun hutu. A Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan jiragen sama, wa'adin kwana 14 ne ga kayan dakon jirgi, kwana 7 ga jakar fasinja. Sayayyar gida irin tata tana bin sharuɗɗan mai sayarwa ne da dokar kare masu saye ta ƙasar da take, kuma nata mai sayarwar ya sa awa 48, wanda ƙorafinta na daren Laraba ya shiga cikinsa. Hotunan farko ba su isa ba, amma aika su da wuri ya riƙe mata wa'adin. Da ta tsaya sai ta haɗa cikakkiyar hujja, da lokacin ya ƙure kafin ta gama.

Mai sayarwar ya nemi abu biyu bayan ya karɓi saƙon: asalin fayil ɗin hoton bakin ƙofa ta imel, da kuma kada a taɓa kwalin. Bayan 'yan kwanaki ya amince zai mayar mata da kuɗinta, ya aiko a ɗauki talabijin ɗin a cikin kwalinta, da soson da ledar da ta yage, domin kamfanin jigila ya ce zai duba hujin da kansa. Kafin ta miƙa, ta ɗauki hoton talabijin ɗin tana shiga kwali, da hoton kwalin a rufe tare da takardar karɓa da direban ya sa wa hannu, saboda idan wata sabuwar ɓarna ta same ta a hanyar komawa kada a ɗora mata.